Shekarar Kati da Shekarar Wata

A shekarar da gwamnati ta canza kuɗi, lokacin da mutum zai kwana da dukiya a banki ya wayi gari ba shi da na koko, a shekarar ne autata ta dawo gida goyon cikinta na fari. Sanyi yana fita, zafi yana shigowa. Ina tuna tsofaffin sojoji masu jiran fansho a ƙofar banki a nan Zuru, zaune kan duwatsu tun hantsi har la'asar, kowa da hularsa a gwiwa, ana ta ba su haƙuri.

Mijinta ɗan kasuwar hatsi ne. Yakan sari dawa da masara a Kanya da Dirin Daji, ya kawo kasuwar Zuru ya sayar. Maraya ne, a hannun kawunsa ya tashi, kuma tun yana ƙarami ya tsani a ce an yi masa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Idan ya zo gaishe ni, nesa da tabarmata yake cire takalmi ya tsuguna, idonsa a ƙasa, ni ma nawa a kan carbi. Mu gaisa, mu tambayi kasuwa da ruwa, ya tashi. Duk wata magana mai nauyi tsakaninmu sai ta bi ta bakin mai ɗakina, ko ta bakin maƙwabcina Saje, tsohon soja, Kirista, mutumin tuddan nan, wanda katangarmu ɗaya da shi tun kafin a haifi autar.

Naƙudar farko ta yi tsawo. Da aka kai ta asibiti likita ya ce sai an yi mata aiki. Ana neman kuɗi, waya ba ta tura kuɗi, takarda kuwa babu ita a gari. Surukina yana da buhunan dawa a shago, amma babu mai saye da kuɗi a hannu. Ni kuma ina da shanun huɗa biyu, fari da ja, waɗanda na horar da kaina. Wani dillali da ke da sababbin kuɗi ya zo ya duba haƙoransu, ya ba ni abin da ko farin shi kaɗai ya fi shi. Na karɓa. Aka yi aikin, ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Muka rufe shi da yamma, mu huɗu.

Bayan kwana biyu Saje ya kawo mini saƙo cewa yaron ya ce shanun nan bashi ne a kansa. Na ce a gaya masa 'yata na fansa, ba matarsa ba. Saje ya je ya dawo ya ce yaron ya ƙi ji. Saje ya zauna kan benci yana dariya, ya ce, “Malam, ba shi gatari da fartanya kawai. Mu a wurinmu sai saurayi ya yi wa uban yarinya golmo shekaru, yana noma masa gona, kafin a ba shi mata. Ku kun ba da taku a arha, ga shi yanzu yaro yana neman inda zai biya.” Na ce masa shi da ya yi golmon, me ya samu ban da ciwon baya da matar da ke ƙwace masa fansho. Muka yi dariya, maganar ta wuce a wurina. A wurin surukina ba ta wuce ba.

Daminar wannan shekarar da hannu na yi noma, rabin gonar ya zauna saura.

Bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, naman layya bai gama bushewa a igiya ba, wani wakilin kamfanin inshorar lafiya ya zo wurin 'yan kasuwar hatsi. Surukina ya saurare shi, ya sayar da buhuna, ya biya wa kansa da matarsa kuɗin shekara guda. Aka ba su kati kowa da hotonsa, aka rubuta musu asibitin da za su riƙa zuwa. Autar ce ta kawo nata ta nuna wa uwarta, ta kuma faɗi sharuɗɗan kamar yadda mijin ya faɗa mata, ni ina daga zaure ina ji.

Ta ce zazzaɓi da ciwon ciki da irinsu, kati zai ɗauka ba da daɗewa ba. Amma duk abin da ya shafi ciki da haihuwa, har da awo, sai kati ya cika wata goma sha biyu, an kuma sabunta shi ba tare da an bar shi ya mutu ba. Wakilin ya ce sun sa wannan jira ne domin kada mutane su riƙa zuwa sayen kati sai ciki ya tsufa, su haihu su tafi. Ta ce ko bayan jiran, akwai iyakar abin da kamfani zai biya: haihuwa da kai da nata adadi, aiki da nasa adadi, abin da ya haura wannan na mai gida ne. Jariri kuma zai shiga inuwar katin uwarsa na wata guda kawai, shi ma da iyakar kuɗi, kuma kafin watan ya fita sai an yi masa rajista da sunansa an biya nasa. Uwarta ta ce wannan kati ya fi suruka sharaɗi. Autar ta ce ai komai sharaɗinsa ya fi a sake kai shanun Baba kasuwa.

Likita ya gargaɗe su tun a aikin farko cewa su ba ɗinkin lokaci ya warke sosai kafin wani ciki. Allah bai nufa haka ba. Ana cikin girbin dawa mai ɗakina ta lura da yadda yarinyar ke kauce wa warin daddawa. Muka lissafa, ni da ita, da yatsu. Kati an saye shi bayan layya. Haihuwa za ta faɗo bayan layya mai zuwa. Muka ce alhamdu lillahi, shekara za ta cika.

Haka muke lissafi a gidan nan. Ni karatuna na allo ne da littattafai, rubutuna ajami, kuma idan aka ce mini wata goma sha biyu, Muharram zuwa Zulhajji nake gani. Surukina yana iya lissafin buhu da mudu a ka fiye da mai na'ura, amma kwanan wata a wurinsa ranar kasuwa ce, sai azumi, sai salla. An buga ranar da kati ya fara a jikinsa da boko, ƙanana, a ƙasan hoto. Babu wanda ya ga dalilin dubawa. An ce shekara, kuma kowa ya san ranar da aka saya.

Duk tsawon cikin, surukina ne ya riƙa biyan awo da hoton ciki da magungunan ƙarin jini daga aljihunsa, bai yi ƙorafi ba, don an gaya masa tun farko. Sau biyu zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita, sau biyun kati ya biya, hankalinsa ya ƙara kwanciya da abin. Kafin salla ya biya kuɗin shekara ta biyu tun wa'adi bai yi ba, don kada a samu giɓi. A dalilin haka bai yi layya ba a shekarar. Na aika masa da cinyar ragona, ya aiko da godiya da ƙwaryar gero, don kada cinyar ma ta zama bashi.

Likita ya ce wannan karon ba za a bari naƙuda ta fara ba, saboda tsohon ɗinki bai yi ƙwari ba, yana iya yagewa. Ya sa ranar aiki, 'yan kwanaki bayan salla. Autar ta dawo gidanmu da kayanta. Ana gobe za a kwantar da ita, surukina ya je asibiti wurin matar da ke kula da masu kati, domin ta nemo lambar izini daga kamfani, don sai da ita ake yin babban aiki a kan kati. Ta buga waya, ta jira, ta sake bugawa. Sannan ta juya katin ta nuna masa ƙananan lambobin nan. Ta ce shekarar kamfani ta kalandar bature ce, salla kuwa kowace shekara tana ja baya da kwana goma da wani abu. Da lissafinsu, sauran mako guda da ɗoriya jiran ya ƙare. Ya tambaye ta ko kuɗin shekara ta biyu da ya riga ya biya ba zai rufe wannan ba. Ta ce a'a, biyan ya tabbatar da katin ne kawai, bai matso da ranar ba. Ya ce to in abin gaggawa ne fa. Ta ce asibiti zai yi aiki, amma in dai haihuwa ce kuma ranar ba ta yi ba, shi zai biya duka. Ta faɗa masa da tausayi, in ji shi daga baya, har ta kawo masa ruwa.

Daga nan ya shiga wurin likita ya roƙi a ɗaga ranar. Likita ya ce shi ba ya so. Ya ce cikin bai kai ƙarshen kwanakinsa ba, yana yiwuwa ta kai, amma yana yiwuwa naƙuda ta riga su, kuma in ta riga su ba wanda zai iya yin alkawarin komai. Ya ce shawara tasu ce, shi dai ya faɗi tasa. In sun zaɓi jira, da ta ji ko ɗan murɗawa, ko ta ga ruwa ko jini, a kawo ta a guje.

Labarin ya iso ni ta bakin mai ɗakina bayan sallar la'asar. Na kira Saje na ce ya je ya gaya wa yaron ya bari in jinginar da gefen gonata na bakin rafi, a yi aikin gobe kamar yadda likita ya sa. Saje ya fara da faɗa, ya ce me ya hana mu nuna masa katin tun bara, shi da ya yi shekaru yana karanta takardun bariki. Sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ya dawo gab da magariba ya ce yaron ya yi kuka, ya ce shanu biyu suna wuyansa yana kwana da su yana tashi da su, in aka ƙara masa gona ba zai iya sake shiga zauren nan ba. Ya ce mako guda ne kawai.

Saje ya ce mini, “Tashi ka je da kanka. Ka kama hannunsa ka ce kai ne ubanta.”

Na ce ba a yin haka da suruki. Matarsa ce, a ƙarƙashinsa take, ko da tana kwance a ɗakin uwarta. Saje ya ce wannan kunya tamu wata rana sai ta kashe mutum. Ya faɗa ne kamar wasa, irin yadda ya saba.

Na shiga cikin gida na tambayi autar da kanta. Tana zaune kan tabarma ta miƙe ƙafafu, sun kumbura. Ta ce ita lafiyarta lau, ɗan yana motsi, kuma ita ce ma ta fara cewa a jira. Ta ce ta ga yadda na dawo daga gona bara, ina dafa bango.

Aka jira. Ruwa yana sauka kusan kullum, mutane suna ta huɗa. Nakan dawo daga masallaci in tsaya a ƙofar ɗakin in tambaya, a ce lafiya. Uwarta ta hana ta ko ɗaukar buta. Kwanakin suka yi ta raguwa har muka fara sakin jiki.

Abin da ba mu sani ba, ciwon ya fara mata tun ana sauran kwana ɗaya da yini. Ta ɓoye. Matanmu ana yabonsu da dauriya a naƙuda, tun suna yara ake gaya musu cewa mai ihu tana jawo wa gidansu abin faɗa, ita kuma ga dalili na biyu a kan wannan. Takan juya fuska bango ta ciji zani har abin ya lafa, in uwarta ta shigo ta ce barci take ji. Da safen ranar da kati ya cika, bayan rana ta fito, ta tambayi uwarta ko yau ce. Aka ce yau ce. Ta ce to a kira mota. Da aka ɗaga ta, tabarmar ta jiƙe da jini.

Lambar izini ta fito cikin ɗan lokaci, ba a yi gardama ba. An riga an shiga da ita ma kafin ta fito. Muka zauna a barandar asibiti, ni a wannan ƙarshen benci, surukina a tsaye can jikin ginshiƙi, Saje a tsakani. Aka nemi jini, surukina ya bayar, ɗan Saje na biyu ya bayar, aka sayo ƙari. Wajen azahar likita ya fito ya ce tsohon ɗinkin ya yage. Sun ceto ta, amma dole suka cire mahaifar, ba za ta sake ɗaukar ciki ba. An sami 'ya mace, ta zo a galabaice, ba ta yi kuka da wuri ba, an sa ta a kwalba ana ba ta iska. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na kuma ce alhamdu lillahi, ban san wanda ya kamata in fara da shi ba. Surukina ya zame jikin ginshiƙin ya zauna a ƙasa.

Kamfani ya biya abin da ya yi alkawari, bai rage ko kwabo ba. Amma adadin da aka yanka na aikin haihuwa ne mai sauƙi, a ciro ɗa a ɗinke a sallami mace bayan 'yan kwanaki. Wannan kuwa ya haɗa da cire mahaifa, da jini leda bayan leda, da allurai masu tsada, da kwanciya ta kusan mako biyu. Adadin ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Na jaririyar ma, wanda ke ƙarƙashin katin uwa, kwalba da iska suka cinye shi cikin kwanaki kaɗan. Ragowar ta dawo kan surukina. Ya sayar da duk hatsin da ya ajiye don tsadar damina, ya sayar da babur. Na aika Saje, aka dawo mini da amsar da na sani.

A asibiti aka yi suna. Na je da dabino da goro kaɗan, na yi mata huɗuba ta bayan gilashi, aka sa mata sunan mahaifiyar ubanta. Ragon sai daga baya.

Ranar da za a sallame su, matar nan mai kula da masu kati ta kira surukina ta zaunar da shi. Wannan karon ta rubuta masa ranar da watan jaririyar zai cika da manyan lambobi a bayan takarda, ta kuma gaya masa da baki cewa Talata ce, ta kuma faɗi Talata ta nawa daga ranar. Ta ce kafin ranar ya kawo takardar haihuwa da hoton yarinyar da kuɗin katinta, in ya yi haka za ta ci gaba da samun kulawa ba yankewa. In ya bari ta wuce, inuwar uwa ta ɗauke, kuma ko ya kawo ta daga baya za a ɗauke ta sabuwar shiga, sai ta yi nata jiran kafin kati ya fara aiki, ciwon da ta riga ta zo da shi kuma kamfani yana iya cewa ba nasa ba ne. Ta ce yarinyar da ta fara rayuwa a kwalba ba a wasa da wannan a kanta.

Ya gane sarai. Ba a sake samun kuskuren lissafi ba. Ya karɓo takardar haihuwa, ya kawo mai hoto har cikin gida, duk da tsofaffin mata suna ta gunaguni cewa ba a haska wa jariri wuta a ido kafin arba'in. Kuɗin ne babu. Kuɗin katin jaririya bai kai rabin kuɗin ɗan maraƙi ba, da ya buɗe baki da a yinin zan nemo shi. Da mai ɗakina ta tambaye shi ko an yi wa yarinya kati, sai ya ce ana kai. Muka ɗauka an gama.

Akwai wani abokin cinikinsa a wani ƙauye bayan Kanya da ke riƙe masa da kuɗin buhuna. Ya hau motar kasuwa ya tafi karɓowa, da niyyar kwana ɗaya. A kwanakin nan hanyar ba ta da lafiya. Aka kai hari wani ƙauye kusa, mutane suka watse, motoci suka daina bi, waya ta ɗauke. Abokin cinikin ma ya gudu da iyalinsa. Surukina ya yi kwanaki a makale kafin ya samu ya fito, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babur ɗin mutane. Ya iso Zuru da ɗan abin da ya samu, Talatar ta wuce da kwana biyu. Ya je duk da haka. Matar ta buga waya ta roƙa, aka ce ƙa'ida ce. Aka karɓi kuɗin aka rubuta yarinyar a sabuwar shiga, aka ce ta jira.

Bai gaya wa kowa ba.

Ana saura 'yan kwanaki arba'in yarinyar ta fara ƙin nono. Jikinta ya yi ɗumi, numfashinta yana fita da sauri, haƙarƙarinta yana shiga ciki. Autar, da ko tsayuwa sosai ba ta iya yi, ta ce a kai ta asibiti tunda akwai kati. Uban ya ce mura ce ta damina, bari ya fara karɓo magani a kemis. Ya kawo na ruwa a kwalba. Washegari ya kawo wani. Mai ɗakina ce ta zo ta same ni a zaure ta ce ita ba ta gane ba, mai kati a hannu me ya kai shi kemis.

A ranar na yi abin da Saje ya ce in yi tun farko. Na aika aka kira surukina, na ce ya shigo har kan tabarma. Na dube shi a ido, karo na farko tun ranar ɗaurin aure. Ya rame, leɓɓansa sun tsage. Na ce, “Katin yarinyar nan yana aiki ko ba ya yi?”

Ya ce, “Baba, sai nan da 'yan makonni.”

Na miƙe. Na sa takalmi na tafi gidan mutumin da ya daɗe yana son gefen gonar nan na bakin rafi, na jinginar masa, ya ba ni abin da ke hannunsa. Kafin la'asar muna asibiti. Likita ya saurari ƙirjinta ya ce ciwon huhu ne, ya yi nisa, kuma huhun dama bai yi ƙarfi ba tun haihuwa. Ya tambayi tun yaushe, aka faɗa masa, ya ci gaba da rubutu. Aka sa mata iska da allurai. Babu wanda ya tsaya tambayar kati, mun biya an yi duk abin da za a yi. Ta kwana biyu. A na ukun da hantsi, tana hannun kakarta, ta cika.

Muka rufe ta kusa da yayanta. Ƙasar a jiƙe take, ba a sha wuyar haƙa ba. Bayan 'yan makonni saƙo ya shigo wayar ubanta cewa katin yarinya ya fara aiki. Saje ne ya karanta masa.

Autar ta ci gaba da zama a gidanmu. Ta yi arba'in ɗinta ta wuce, ba ta koma ɗakinta ba sai bayan kaka. Ba ta taɓa ɗora wa mijin laifi a gabana ba, shi ma bai taɓa ambaton ɓoye naƙudar da ta yi ba. Dangin kawunsa sun fara zancen cewa mutum ba ya zama babu magaji, ya ce musu su bar shi. Na yi ta tunanin al'amarin a zaune bayan sallar asuba. Ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan na sani tun ina yaro a gaban malam. Kamfanin bai yi mana ƙarya ba, likita ya faɗi gaskiya, matar nan ta yi iyakar ƙoƙarinta. Duk da haka in na rufe ido ƙananan lambobin nan na ƙasan hoto nake gani, da shanuna biyu suna bin dillali.

Surukina ya koma kasuwa yana auna wa wasu hatsi, daga baya ya fara sarin rabin buhu. Da damina ta zagayo, kullum kafin ya tafi kasuwa sai in tarar da shi a gonata da fartanya, ya yi kunya biyar ko shida ya tafi ba sallama. Saje ya ce ga golmon nan ya zo daga baya. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba. Katin matarsa kuwa bai bari ya mutu ba, ya sabunta, don har yanzu tana zuwa asibiti saboda ciwon mara.

Da kakar da ta biyo, wata Juma'a bayan an sauko, ina zaure sai na ji motsin kofato a waje. Na fito na ga surukina riƙe da igiya biyu. Maruƙa ne, ba su kai shekara biyu ba, ɗaya fari ɗaya ja, ramammu, ba su san garma ba, ba za su yi huɗa ba sai an yi shekara ana horar da su. Saje ya fito daga gidansa yana gyara hula. Bakina ya buɗe zan faɗi abin da na saba faɗa, cewa 'yata na fansa, babu bashi. Sai na dubi yaron, na haɗiye ta. Maganar nan na yi ta faɗa masa tun shekarar canjin kuɗi, ba ta taɓa sauke masa komai ba.

Na zagaya maruƙan. Na buɗe bakin farin na duba haƙora, na ɗaga ƙafar jan na duba kofato, na matsa musu tozo, kamar yadda dillali ya yi wa nawa. Na ɗauki lokaci. Sannan na ce wa Saje ya zama shaida.

Na ce, “Shanu biyu na bi ka, fari da ja. Ga fari, ga ja. Na karɓa. Ka biya.”

Ya miƙo igiyoyin da hannu biyu, na karɓa. Ya tsuguna a wurin, ya sa fuska cikin tafin hannunsa, kafaɗunsa suna motsi. Saje ya juya yana kallon hanya. Na ja maruƙan zuwa tsofaffin turakun da ke bayan gida, waɗanda ban taɓa tugewa ba, na ɗaure su, na ce wa mai ɗakina ta kawo dusa da ruwa. Da na dawo yana nan inda na bar shi. Na ce ya tashi ya shigo ciki, an sauke tuwo.